Tace Rubutu Domin Makafi da Masu Raunin Gani: Nazari a Kan Kanu, Mahaɗai da Bayanin Hoto

1.0 Gabatarwa

Bisa al'ada, aikin mai tace rubutu shi ne duba ƙa'idojin rubutu da nahawu da alamomin tsayawa kafin a kai aiki maɗaba'a. An gina wannan aiki ne a kan zaton cewa mai karatu zai ga shafi gaba ɗayansa, ya san abin da ke sama da abin da ke ƙasa. Amma a yau da yawa daga cikin mujallu da sanarwoyin jami'o'i a kwamfuta ko a waya ake karanta su. Daga cikin masu karatun akwai makafi, waɗanda ke amfani da manhajar karanta allo, watau manhajar da ke mayar da rubutu magana. Akwai kuma masu raunin gani, waɗanda ke ƙara girman rubutu har ya zamana ɗan yanki kaɗan na shafi suke gani a lokaci guda.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa matsalar waɗannan masu karatu, a tushenta, matsala ce ta ma'ana da muhallin magana. Manhaja takan ciro kan magana ko mahaɗa ko bayanin hoto daga muhallinsa, ta karanta shi shi kaɗai. Saboda haka tambayar mai tacewa guda ɗaya ce: shin wannan guntun rubutu zai iya tsayawa da ƙafafunsa?

2.0 Yadda Ake Karatu da Kunne

Za a kafa misali da manhajar NVDA, wadda Michael Curran ya fara ƙirƙira a Ostareliya a shekarar 2006, kuma kyauta ake samun ta. Mai amfani da ita ba lalle ne ya saurari shafi tun daga farko har ƙarshe ba, kamar yadda mai ido ba ya karanta jarida baƙi bayan baƙi. Idan ya danna H, sai manhajar ta yi tsalle zuwa kan magana na gaba. Idan ya danna K, sai ta kai shi mahaɗa ta gaba, G kuma ta kai shi hoto. Idan ya haɗa Insert da F7, sai ta jero masa dukkan mahaɗai ko dukkan kanu a wuri ɗaya. Abin da ake nufi da mahaɗa a nan shi ne rubutun da ake latsawa ya kai mutum wani shafi ko wata takarda, ba mahaɗin da aka sani a nahawu ba.

Ma'aunin da aka fi dogara da shi a wannan fage shi ne WCAG, wanda ƙungiyar W3C ke fitarwa, kuma bugu na 2.2 ya fito a 2023. Domin a ga yadda aikin yake a aikace, a ɗauka cewa wani sashen harsuna ya shirya shafin sanarwar taron ƙara wa juna sani, an kuma miƙa wa mai tacewa ya duba.

3.0 Kanun Magana

A ido, sanarwar tana da tsari mai kyau: sunan taro a sama da manyan baƙaƙe, sai "Jigo", sai "Kuɗin Rajista", sai "Masauki". Amma da aka danna H, sai manhajar ta ce babu kan magana a shafin. Dalili kuwa shi ne, wanda ya buga ya kaurara baƙaƙen ne kawai, ya ƙara musu girma. Manhaja ba ta la'akari da kauri wajen gane kan magana. Alamar da ke ƙarƙashin rubutu take bi. A cikin Word, gyaran shi ne a zaɓi salon Heading 1 ga sunan taro, Heading 2 ga sassa. A shafin intanet kuwa ga yadda abin yake:

```html
<h1>Taron Harsunan Nijeriya</h1>
<h2>Kuɗin Rajista</h2>
<h3>Rajistar Ɗalibai</h3>
```

Bayan wannan, sai a duba abu biyu. Na farko, kada a tsallake mataki, a tashi daga na 2 zuwa na 4 don kawai ƙananan baƙaƙe sun fi kyau a ido, domin mai sauraro zai zaci wani sashe ya kuɓuce masa. Na biyu, a karanta jerin kanun su kaɗai. Idan "Ƙarin Bayani" ya fito sau uku, to jerin bai gaya wa kowa kome ba. A mayar da su "Yadda Ake Aiko da Tsakure", "Ranakun Taro" da makamantansu. Yana da kyau kuma kalmar da ke rarrabewa ta zo da wuri, saboda mai sauraro yakan wuce da zarar ya ji kalma biyu ko uku.

4.0 Rubutun Mahaɗa

A nan ne masanin harshe ya fi kowa abin cewa. Dubi waɗannan jimloli na cikin sanarwar, inda aka sa mahaɗar tsakanin alamun zance:

(1) Domin samun fom ɗin rajista, latsa "nan".
(2) Ana iya ganin jadawalin taro a "nan".
(3) Sharuɗɗan rubuta maƙala suna "wannan wuri".

Ta fuskar nahawu babu aibi a cikinsu. Sai dai kalmomin "nan" da "wannan" na nuni ne, ba su da abin da suke nufi sai an san inda mai magana ya tsaya da abin da ya nuna. Da aka buɗe jerin mahaɗai, abin da aka ji shi ne: nan, nan, wannan wuri. Tamkar a yi wa makaho nuni da baki ne. Mai raunin gani ma yakan faɗa cikin irin wannan hali, domin idan ya ƙara girman shafi, farkon jimlar na iya fita daga allo, a bar shi da "nan" kaɗai.

Magani shi ne a ɗora mahaɗar a kan yankin suna mai cikakkiyar ma'ana:

(4) Cike "fom ɗin rajistar taro".
(5) Duba "jadawalin taro na kwana uku".
(6) Karanta "sharuɗɗan rubuta maƙala, PDF, shafi 4".

Misali na (6) ya sanar da mai karatu cewa takarda ce za ta buɗe, ya kuma faɗi tsawonta. Ba a bukatar rubuta kalmar "mahaɗa" a ciki, don manhajar kanta tana sanar da hakan. Haka nan a guji barin dogon adireshi tsirara, wanda za a yi ta karanto shi da alamominsa. Kuma mahaɗai biyu masu zuwa wurare dabam-dabam kada su ɗauki suna ɗaya.

Ya kamata a lura cewa sharaɗi na 2.4.4 na WCAG ya yarda a gane manufar mahaɗa daga jimlar da take ciki, don haka misali na (1) bai karya shi ba. Sharaɗi na 2.4.9, wanda ke mataki mafi tsanani, shi ne ya nemi mahaɗa ta wadatar ita kaɗai. Tun da sauya kalma biyu ba ya cin kuɗi, ya fi dacewa mai tacewa ya bi na biyun.

5.0 Bayanin Hoto

Manhaja tana karanta bayanin da marubuci ya liƙa wa hoto ne a gurbin da ake kira alt. Idan babu gurbin sam, tana iya karanto sunan fayil, irin su IMG_0042.jpg. Hotunan sanarwar uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko zanen ado ne da ya raba sassa. Ba ya ɗauke da saƙo, saboda haka a bar gurbinsa fanko da gangan, manhaja ta tsallake shi:

```html
<img src="ado.png" alt="">
```

Na biyu hoton fastar taro ce, wadda a cikinta kaɗai aka rubuta rana da wuri. Wannan ne kuskure mafi muni a shafin, domin rubutun da ke cikin hoto ba ya isa kunnen makaho, kuma yakan dushe idan mai raunin gani ya ƙara girmansa. Dole a sake buga rana da wurin a cikin matanin shafi.

Na uku zanen bishiyar li'irabi ce da aka kawo a ƙarƙashin jigon taro. Bayanin da aka fara ba ta shi ne "hoton bishiya", wanda zai sa mai sauraro ya zaci kuka ce ko tsamiya. Abin da ake bukata shi ne saƙon da zanen ke isarwa:

(7) Bishiyar li'irabin jimlar "Audu ya sayi doki". Jimla ta rabu biyu: yankin suna, Audu, yankin aiki, ya sayi doki.

Idan bahasin ya shafi rassan da ke ƙasa, kamar dangantakar aikatau "sayi" da karɓau "doki", to a kawo cikakken bayani a cikin matani kusa da zanen, a bar na gurbin a taƙaice. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a rufe hoton, a karanta bayanin a madadinsa, a ga ko zaren magana ya tsinke.

6.0 Abin da Ya Keɓanci Hausa

Akwai matsaloli biyu da mai tace rubutun Hausa zai ƙara dubawa. Ta farko ita ce ta baƙaƙe masu lanƙwasa. Wasu tsofaffin nau'o'in baƙaƙen kwamfuta sukan ɗora siffar ƙ ko ɗ a kan wani baƙi dabam, kamar q. Ido yana ganin "baƙi", alhali abin da ke ajiye "baqi" ne, kuma shi manhaja za ta furta. Ana gane wannan ta hanyar sauya nau'in baƙaƙen: idan lanƙwasar ta ɓace, to sai a sake buga su da na Unicode, inda ƙ take da lamba U+0199. Ta biyu ita ce alamar harshe. Idan ba a sa lang="ha" ba, ko aka bar alamar Ingilishi, manhaja ba ta da hanyar sanin cewa Hausa ce a gabanta. Alamar ba ta samar da muryar Hausa inda babu ita, amma ita ce ke ba manhaja damar zaɓen muryar da ta dace idan akwai.

7.0 Kammalawa

An ga cewa tacewar tana bin matakai huɗu: a saurari jerin kanu, a saurari jerin mahaɗai, a bi hotuna ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin 100 a ga ko wani abu ya yanke. Umarnin Check Accessibility na cikin Word yana iya gano hoton da ba shi da bayani, amma ba zai san cewa "hoton bishiya" bayani ne mai ɓatarwa ba. Wannan hukunci ne na ma'ana, kuma na mutum ne. Bugu da ƙari, gwajin mai ido da manhaja ba ya maye gurbin ra'ayin wanda ke amfani da ita kullum, don haka ya kyautu a ba irin wannan mai karatu shafin kafin a fitar da shi. Wani fage da ke jiran masana shi ne daidaita yadda za a riƙa bayyana zane-zanen ilimin harshe, kamar jadawalin wasula da alamomin karin sauti, da kalmomin Hausa da sauran harsunan Nijeriya.