Makomar Sunan Asusu Bayan An Goge Shi

Sunan asusu, wato laƙabin da mutum yake zaɓa sa'ad da yake buɗe shafi a intanet domin a riƙa gane shi da shi, ba mallakar mai shi ba ne, aro ne daga kamfanin da ke da manhajar, kuma kowane kamfani yana da ƙa'idarsa game da abin da zai faru da sunan bayan an goge asusun. Wasu sukan riƙe shi na ɗan wa'adi sannan su sake shi ga duk wanda ya riga, wasu kuma sukan rufe shi har abada, ta yadda ko mai shi na asali ba zai sake samunsa ba.

A manhajar X, wadda a da ake kira Twitter, wanda ya nemi rufe asusunsa yana da kwana 30 da zai iya canza shawara, kuma a tsawon wannan wa'adi sunan yana nan a ɗaure da tsohon asusun, babu mai iya ɗaukarsa. Idan aka ƙaddara cewa wani mai sayar da shinkafa a Tudun Wada ya rufe asusunsa ranar 1 ga Maris da nufin buɗe sabo da sunan da abokan cinikinsa suka saba da shi, manhajar za ta riƙa sanar da shi cewa an riga an ɗauki sunan har ƙarshen watan, kuma da zarar wa'adin ya cika sunan zai zama na kowa, har da macucin da zai iya kama shi ya riƙa karɓar kuɗin kaya daga dillalan da ba su san an yi canji ba. Shi kansa kamfanin ya nuna mafita: a fara sauya wa tsohon asusun suna da adireshin imel, a ɗora sunan da ake so a kan sabon asusun, sannan a rufe tsohon. Instagram ma tana ba da kwana 30, kuma ta yarda a sake amfani da sunan muddin wani bai riga ya ɗauka ba, sai dai wanda aka rufe asusunsa saboda karya doka ba lallai ne ya samu wannan dama ba.

Gmail kuwa ba ta mayar da adireshin da aka goge, kuma ƙara ɗigo a cikin sunan ba ya amfanar da komai, domin a wurinta `shinkafa.tudunwada` da `shinkafatudunwada` adireshi ɗaya ne. Wannan tsauri yana da hujja, saboda adireshin imel shi ne makullin da ake sabunta kalmar sirrin sauran asusu da shi, don haka wanda ya gaje shi ya gaji ƙofar shiga harkokin tsohon mai shi. Kamfanin Yahoo ya gwada akasin haka a 2013, ya rarraba sunayen da suka shekara ba a taɓa su ba, sai ga sababbin masu sunayen suna karɓar saƙonnin da aka aiko wa mutanen da suka gabace su. Abin lura kuma shi ne, tun daga Disamba 2023 Google yana iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba, wanda hakan zai iya shafar ɗaliban da aka buɗe wa imel a shagon kwamfuta domin rajistar JAMB, suka koma ƙauye ba su sake waiwayarsa ba.

Ga yawancin mutanen Bebeji da Ƙiru da Doguwa, lambar waya ce ke zaman sunan asusu, musamman a WhatsApp, kuma ita ba ta da irin kariyar Gmail. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfanin waya damar dakatar da layin da ya yi wata 6 ba a yi amfani da shi ba, idan aka ƙara wata 6 a haka kuma mai shi yana iya rasa lambar, a sayar wa wani. WhatsApp yana share bayanan tsohon asusu ne idan lambar ta yi kwana 45 ba motsi sannan aka kunna ta a wata wayar, amma lambar tana nan a wayoyin 'yan'uwa da abokan ciniki da tsohon suna, haka kuma banki zai ci gaba da tura mata saƙon shiga da fitar kuɗi har ranar da mai asusun ya je ya sauya ta.