Hoton Dare: Cire Tsaki-Tsaki Ba Tare da Fuska Ta Koma Roba Ba

A ce an ɗauki hoton amarya da ƙawayenta a tsakar gida bayan isha'i, hasken duka-duka ƙwan fitila ɗaya ne. A fuskar waya hoton lafiya lau. Da an zuƙo shi sai a ga kumatu sun yi tsaki-tsaki kamar an watsa musu yashi, ga kuma ɗigo-ɗigon ja da kore da shunayya a bango da ƙarƙashin haɓa.

Dalili shi ne idon da ke karɓar haske a cikin kyamarar waya bai fi farce girma ba. Da rana wayar kan yi aiki da ISO 50 ko 100, da dare kuwa takan haura 1600 ko 3200 don ta kumbura ɗan hasken da ta samu, sai dattin ya kumbura tare da shi. Ya fi taruwa a inuwa, shi ya sa fuskar mai duhun fata da aka haskaka daga baya ta fi shan wahala.

Dattin nan iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai na launi, wato ɗigo-ɗigon nan masu kala, akwai na haske, wato tsaki-tsakin. Idon mutum bai cika lura da ƙananan bambance-bambancen launi ba, don haka ana iya goge na farkon sosai hoton bai yi asarar komai ba. Na biyun ne mai tarko, domin manhaja ba ta iya rarrabe tsaki da ƙofofin gashi na fata ko siraran gashin gira. Idan aka matsa mata, sai ta share su gaba ɗaya, amarya ta fito sumul kamar 'yar tsana ta roba.

A manhajar Lightroom ta waya, ana fara daidaita haske, a ɗaga Shadows kaɗan kawai, saboda kowane ƙari yana tono dattin da ke ɓoye. Sannan a zuƙo hoton a kan kunci da ido, a buɗe sashen Detail. Duk wanda ya yi gyaran yana kallon hoton daga nesa, lalube yake yi a duhu.

Color Noise Reduction ake fara taɓawa. A irin wannan hoto 25 zuwa 40 kan wadatar, kuma da zarar ja da koren sun ɓace sai a tsaya. Idan aka zarce, jan-baki zai fara malala wajen leɓe, lallen hannu ya dusashe, ƙananan launukan aikin hular ango su haɗe su zama kala ɗaya. Sau da yawa wannan matakin kaɗai kan gyara hoton fiye da yadda ake zato, don tsakin da ya rage ba shi da launi, kuma ido na jure masa.

Sai Noise Reduction, wanda ake ja a hankali, misali zuwa 15 ko 20, a bar Detail na ƙarƙashinsa a 50 ko sama. Ba so ake tsakin ya ƙare ba, so ake ya daina jan hankali. Gira ce ma'auni: in har ana iya ganin gashinta ɗai-ɗai, ba a wuce gona da iri ba. In ta zama baƙin layi kamar an zana da kwalli, ko zanen leshi ya narke, a koma baya. Hoton JPEG ma wayar ta riga ta goge shi sau ɗaya tun lokacin ɗauka, balle in an kunna yanayin gyaran fuska, don haka ɗan kaɗan yake ɗauka.

Wajen ƙara kaifi ma ana yin ɓarna. Sharpening shi kaɗai yana kaifafa dattin tare da komai, amma in aka kai Masking wajen 70, kaifin zai tsaya a gefen ido da leɓe da sarƙa, ya ƙyale kumatu. Idan fatar ta ɗan yi santsi duk da haka, akwai wata dabara mai kama da tufka da warwara: a sashen Effects a sa Grain kamar 10 zuwa 15, tsaki mai laushi ya dawo wa fuska da kamannin fata.

Hoton da ya girgiza wajen ɗauka kuwa, wannan gyara ba ya dawo da shi. Haka wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, sai a nemi mai wayar ya sake turo na asalin a matsayin Document kafin a fara aiki.