Kifirem: Yadda Ake Sa Rubutu da Hoto Su Motsa a Bidiyo

Kifirem alama ce da mai tace bidiyo ke dasawa a wani takamaiman lokaci, don ya shaida wa manhaja inda rubutu ko hoto zai tsaya a wannan lokacin, da girmansa, da kuma ƙarfin bayyanarsa. Idan aka dasa alama biyu masu lambobi daban-daban, manhaja ce ke lissafa duk abin da ke tsakaninsu, sai ido ya ga motsi. Dabarar ta samo asali ne daga zanen katun na hannu, inda babban mai zane kan zana farkon motsi da ƙarshensa, mataimakansa su cike tsakani. A yau kwamfuta ce ko waya ke aikin mataimakan.

Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake saki da sauri, kowane ɗaya ana kiransa firem. Fim ɗin silima kan saki firem 24 a daƙiƙa guda, talabijin a Nijeriya kuwa 25. Saboda haka kowane kifirem yana zaune ne a kan firem guda, kuma tazarar da ke tsakanin biyu ita ke yanke saurin motsi. Idan suna kusa da juna motsi ya yi sauri, idan aka nesanta su ya yi sanyi.

Abubuwa uku aka fi motsawa. Na farko matsayi ne, wanda ke bayyana da sunan Position. A manhajar Premiere Pro lambobi biyu ne ke nuna shi, kuma ana fara ƙirga su daga kusurwar sama ta hagu. A allo mai faɗin fiksal 1920 da tsayin 1080, tsakiya ita ce 960 da 540. Ƙara lambar farko na tura abu dama, ƙara ta biyu na saukar da shi ƙasa. Na biyu girma ne, wato Scale, inda 100 ke nufin ainihin girman hoton. Na uku shi ne Opacity, ƙarfin bayyana: a 0 abu ya ɓace ƙurmus, a 100 ya fito sarai. Duk ukun suna cikin sashen Effect Controls, kowanne da hoton ƙaramin agogo a gefensa. A DaVinci Resolve da CapCut kuwa, wata 'yar alama mai siffar daiman ake dannawa.

Misalin da zai fayyace aikin shi ne sunan mai magana da ke fitowa a ƙasan allo yayin hira. A ce ana son ya yi daƙiƙa shida a bidiyo mai firem 25, wato firem 150 ke nan. Ƙwararru kan fara ne daga inda motsi zai ƙare. Bayan an rubuta sunan an daidaita shi a mazauninsa, sai a kai sandar lokaci kan firem na 20, a danna agogon Position yana nuna 960 da 540, a dasa kifirem na Opacity a kan 100. Daga nan a koma farkon rubutun, a mayar da lambar tsaye zuwa 580, a sauke Opacity zuwa 0. Muddin agogo yana kunne, manhaja na dasa sabon kifirem da kanta duk lokacin da aka sauya lamba.

Lissafin da manhaja za ta yi mai sauƙi ne. Rubutun zai haura fiksal 40 cikin firem 20, wato fiksal biyu a kowane firem, bayyanarsa kuma na ƙaruwa da kashi biyar. A firem na 10 ya kai rabin tafiya, ana ganin sa dishi-dishi. Don fitar da shi ana bukatar ƙarin kifirem biyu na Opacity: ɗaya a firem na 130 a kan 100, ɗaya a firem na ƙarshe a kan 0. Wannan na firem na 130 shi masu koyo suka fi mantawa. Idan babu shi, rubutun zai fara dusashewa tun daga firem na 20, mai kallo bai gama karanta sunan ba ya riga ya kode.

Motsin da aka bari a yadda manhaja ta tsara shi yakan tashi farat ɗaya, ya tsaya cak, domin saurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ana kiran wannan tsari Linear. Mota ba ta tsayawa haka, sai direba ya rage gudu kafin ya taka birki gaba ɗaya. Don samun irin wannan laushi, ana danna maɓallin dama na linzami a kan kifirem, a zaɓi Ease Out ga wanda motsi ke tashi daga gare shi, Ease In kuma ga wanda motsi ke sauka a kansa. A After Effects maɓallin F9 na sassauta ɓangarorin biyu lokaci guda.

Hoto mara motsi shi ma ana ba shi rai ta hanyar matso da shi sannu a hankali, salon da ake dangantawa da Ken Burns, Ba'amurken da ya yi fice da shi a shirinsa The Civil War na 1990. A nan girman hoton ne ke iyakance abin da zai yiwu. Hoto mai fiksal 4000 da 3000 na cike faɗin allo tun a Scale na 48, don haka ana iya ɗaga shi zuwa 56 cikin daƙiƙa takwas ba tare da ya rasa kaifinsa ba. A 48 ɗin akwai rarar fiksal 180 a sama da 180 a ƙasa, amma babu ko ɗaya a gefe, saboda haka tura shi hagu ko dama zai bayyana baƙin fili a bakin allo. Hoto mai fiksal 1280 da 720 kuwa sai an kai shi 150 kafin ya cike allo, ga shi ya riga ya fara dushi tun ba a motsa shi ba. Shi ya sa ake neman ainihin hoton daga kyamara, maimakon wanda aka matse aka turo ta WhatsApp.

Akwai matsaloli uku da ke yawan faruwa, kowacce da alamarta. Idan rubutu ya yi motsin da ba a shirya ba, yawanci an sauya lamba ne alhali sandar lokaci ba ta kan kifirem, sai wani sabo ya dasu dab da tsohon. Faɗaɗa layin lokaci zai tona shi a goge. Idan abu yana ɗan zamewa ya dawo tsakanin kifirem biyu masu lamba ɗaya, manhaja ce ta lanƙwasa hanyar tafiyarsa, kuma maganin shi ne a mayar da Spatial Interpolation zuwa Linear. Ta uku ita ce sake danna agogo da nufin ƙara kifirem, alhali hakan share dukkan kifirem ɗin wannan layi yake yi. Manhaja kan yi gargaɗi tukuna, kuma Ctrl+Z na dawo da su.

Ma'aunin aiki mai kyau shi ne rubutu ya shigo cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ya tsaya cak har a iya karanta shi sau biyu a natse, sannan ya fita. Duk motsin da ya hana mai kallo karanta abin da aka rubuta, cire shi ya fi barinsa.