In Majinyaci Bai Zo Ranar Ganin Likita Ba

Dattijo mai hawan jini, an ba shi ranar Talata a asibiti, bai zo ba. Ranar Laraba ma'aikaciyar ɗakin kati ta buga masa waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, jiya ba mu gan ka ba, lafiya dai ko?"

A nan gwanintar take. Da ta ce, "Me ya hana ka zuwa?", da ya ji kunya ya ƙirƙiro uzuri, ƙila ma ya ƙaurace wa asibitin. Da ya ji ba faɗa, sai ya faɗi gaskiya: kuɗin mota ne babu.

Ta tambaye shi ƙwayoyi nawa suka rage. Ya ce na kwana uku. Wannan ya nuna maganar ba ta jira, domin hawan jini kan tashi shiru in magani ya yanke. Ta ba shi zaɓi biyu kacal: Alhamis ko Juma'a da safe. Ya ɗauki Juma'a, ranar da ɗansa ke shigowa gari da babur.

Ta ce, "To Baba, Juma'a ƙarfe 9. Ka taho da katinka da kwalin maganin." Ta sa ya maimaita, sannan ta tura wa ɗan saƙon tes.