Me Zan Samu, Nawa Ne, Yaushe Za a Gama?

Yawancin takardun neman kwangila ko jari da gabatarwa suke farawa: shekarar da aka kafa kamfani, da yadda rashin wutar lantarki ya addabi jama'a. Farashi kuwa sai a shafi na shida. Mai sa hannu yana da takardu jibge a tebur, kuma tambayoyi uku ne a ransa: me zan samu, nawa zan biya, yaushe za a gama. In bai ga amsarsu a sakin layin farko ba, da wuya ya buɗe shafi na biyu.

Mu ɗauka mai harkar sola ne ya rubuta wa wani asibitin kuɗi. Ya buɗe da cewa kamfaninsa ya ƙware, kuma zai "inganta wutar asibitin cikin rahusa nan ba da jimawa ba". Duk cikin wannan babu abin da za a riƙe shi da shi. Gyaran farko shi ne a bi takardar da biro, a ja layi ƙarƙashin sakamakon aikin, da jimillar kuɗi, da wa'adi, a duk inda suka ɓuya, a ɗauko su zuwa sama:

"Za mu sa sola da za ta riƙe ɗakin haihuwa da firijin allurai dare da rana ba tare da janareta ba. Kuɗin aikin naira miliyan 6 ne, har da batura, dako da ladan ma'aikata. Za mu gama cikin makonni 4 daga ranar da aka biya kashin farko."

A lura da sakamakon nan. Bai lissafa faranti nawa ko girman inbata ba, domin waɗannan kayan aiki ne, wurinsu yana ciki. Likita wuta yake son saye a ɗakin haihuwa. Nan ne masu sana'a suka fi tuntuɓe, don sun saba da yabon kayansu.

Kuɗin ma a faɗi jimillarsa da abin da ya ƙunsa. In dako ko haraji suka ɓullo daga baya, yarda ta tafi. Kuma tunda farashin kayan da ake shigowa da su yana bin canjin dala, a rubuta ranar da farashin zai daina aiki. Shi ma wa'adi sai da mafari, in ba haka ba kowa da ranar da zai fara ƙirga makonni 4 ɗinsa.

Tarihin kamfani ba a zubar da shi, ƙasa ake mayar da shi ya zama hujja. Sai a gwada alƙaluman sama da na jadawalin kuɗi, domin sau da yawa akan gyara ɗaya a manta ɗaya.

Kafin ka aika, ba wani da bai san aikin ba sakin layin farko kaɗai, ka yi masa tambayoyin nan uku. In ya yi inda-inda a ɗaya, koma ka gyara.