Mutum Miliyan Biyu Sun Amsa, Amma Hasashen Ya Kuskure

A shekarar 1936 wata mujalla a Amirka mai suna Literary Digest ta so ta san wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tun kafin a kaɗa ƙuri'a. 'Yan takara biyu ne a gaba: shugaba mai ci Franklin Roosevelt, da gwamnan jihar Kansas, Alf Landon. Mujallar ta aika katin tambaya ta gidan waya ga mutum wajen miliyan 10, kimanin miliyan 2.4 suka cika suka mayar. Da aka ƙirga, kashi 57 cikin 100 na bayan Landon, kashi 43 na bayan Roosevelt. Jama'a kuwa sun yarda da mujallar, don a zaɓuɓɓukan 1920 da 1924 da 1928 da 1932 duk wanda ta ce zai ci shi ya ci.

Ranar zaɓe sai labari ya sha bamban. Roosevelt ya samu wajen kashi 61 cikin 100 na ƙuri'un, Landon kuwa jihohi biyu kacal ya ci cikin 48, Maine da Vermont. Ko jiharsa ta Kansas bai kawo ba. Zuwa 1938 mujallar ta daina fitowa. A wannan zaɓen dai wani mai bincike, George Gallup, ya tambayi mutanen da ba su wuce dubu 50 ba, kuma ya ce Roosevelt ne zai ci.

Yaya miliyoyi za su kuskure, dubbai su dace? Amsar tana cikin bambancin abu biyu da kowane bincike ke tsaye a kansu. Na farko shi ne ɗaukacin jama'ar da ake son sanin halinsu, a nan duk masu jefa ƙuri'a a Amirka. Na biyu shi ne samfuri, wato ɗan ɓangaren da aka ciro daga cikinsu aka tambaya. Mai bincike samfuri yake gani da idonsa, amma a kan ɗaukacin jama'a yake yanke hukunci. Mai sayen wake a kasuwar Dawanau ya san wannan sarai. Ba zai zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya ba, kuma ba zai yarda da abin da aka jera masa a bakin buhu ba. Sai ya ɗebo daga tsakiya da gindi, domin ya san mudu goma daga sama ba za su nuna masa ƙwarin da ke ƙasa ba, alhali tafin hannu ɗaya daga wurin da ya dace zai nuna.

Matsalar mujallar ta fara ne tun daga inda ta samo sunaye. Babu wata takarda guda da ke ɗauke da sunayen dukan masu zaɓe, don haka sai ta tattara daga littattafan lambobin tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar kanta. A lokacin kuwa Amirka na cikin matsanancin karayar tattalin arziki da ta faro a 1929, gidajen da ke da tarho ba su kai rabi ba. Talakawa da marasa aikin yi, waɗanda su ne suka fi son Roosevelt saboda shirye-shiryensa na tallafi, da yawansu ba sa cikin jerin. Wanda sunansa ba ya cikin jeri kuwa, ko kati biliyan aka buga, ɗaya ba zai iso ƙofarsa ba. A zaɓuɓɓukan baya wannan giɓi bai tona asirin mujallar ba, saboda ra'ayin mai hali da na talaka bai rabu sosai ba. A 1936 ya rabu.

Matsala ta biyu ta fi wuyar gani, kuma ni a ganina ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Cikin kowane mutum huɗu da aka aika wa kati, uku sun yi shiru. Da a ce shirun nan bai da alaƙa da ra'ayin siyasa, da babu damuwa. Amma wanda ke fushi da gwamnati ya fi zafin nama wajen neman alƙalami ya cika kati ya kai gidan waya, a kan wanda hankalinsa ke kwance.

Mu ƙaddara misali da mutum 100 da aka aika wa kati, 60 na son Roosevelt, 40 na son Landon. A ce cikin magoya bayan Roosevelt mutum ɗaya cikin shida ne ya mayar da kati, mutum 10 ke nan. Cikin magoya bayan Landon kuwa ɗaya cikin uku ya mayar, wato wajen mutum 13. Kati 23 suka dawo, 13 na Landon. Idan ka raba 13 da 23 za ka samu kusan kashi 57 cikin 100. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi maguɗin ƙirga, jerin sunayen ma a wannan misali daidai yake, amma sakamako ya juye. Ka ninka mutanen nan 100 sau dubu ɗari su zama miliyan 10, kashi 57 ɗin nan yana nan daram. Wani masanin siyasa, Peverill Squire, ya koma kan lamarin a 1988, ya duba wani bincike da Gallup ya yi a 1937 inda aka tambayi mutane ko sun samu katin kuma ko sun mayar. Abin da ya gano shi ne matsalolin biyu ne suka haɗu, kuma da duk wanda ya samu kati ya mayar, da aƙalla mujallar ta faɗi wanda zai ci daidai.

To, shin yawan samfuri ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma kuskure iri ɗaya kaɗai yake magancewa, wato na sa'a. Ko da an yi zaɓe tsakani da Allah, yana iya faruwa magoya bayan wani ɓangare su ɗan fi faɗowa cikin samfuri. Wannan kuskure ana iya lissafa girmansa. Idan ra'ayi ya rabu kusan biyu, samfurin mutum 400 kan ba da amsar da ke iya kaucewa da kimanin maki 5 sama ko ƙasa, na mutum 1,000 da maki 3, na mutum 10,000 da maki 1. Kafin ka rage kuskuren da rabi sai ka ninka samfurin sau huɗu. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne yawan jama'ar ƙasa kusan bai shiga lissafin ba: mutum 1,000 da aka zaɓa da kyau za su yi wa ƙasa mai mutum miliyan 200 aikin da za su yi wa gari mai mutum dubu 200.

Bisa wannan lissafi, kati miliyan 2.4 bai kamata su kauce da ko kashi ɗaya cikin goma na maki guda ba. Sun kauce da maki wajen 18. Dalili shi ne lissafin yana da sharaɗi: sai idan sa'a ce ta yi zaɓen, ba hannun mai bincike ba, ba kuma son ran mai amsawa ba. Ana ba kowane suna lamba, a bar ƙuri'a ko na'ura ta fitar da lambobi, ta yadda kowa yana da damar da aka san girmanta ta faɗowa ciki. Wannan ya bambanta da tsayawa a bakin kasuwa kana tare duk wanda ya gitta. Shi Gallup ma ba haka ya yi ba. Ma'aikatansa yakan ba su adadi, maza kaza, mata kaza, masu hali kaza, sannan su zaɓi wanda suka ga dama. Dabarar ta fishe shi a 1936, amma a 1948 ta kayar da shi, lokacin da ya ce Thomas Dewey zai doke Harry Truman, Truman kuwa ya ci.

Wannan ba tarihin Amirka kaɗai ba ne, don tarkon yana nan a gabanmu. Ɗalibi zai raba takardun tambaya ga matan da suka haihu a wani babban asibiti, sannan a babin ƙarshe ya rubuta cewa “matan jihar” kaza ne. Gidan rediyo zai buɗe layi, masu waya da kuɗin kira da lokacin zama su bugo, a wayi gari ana cewa ra'ayin jama'a ne. Dubi batun haihuwa: binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ko ɗaya cikin biyar ba su kai ba. Saboda haka littafin ɗakin haihuwa labarin 'yan tsiraru yake bayarwa. Kuma ba ma za ka iya cewa ta wane gefe ya karkata ba. Matan birni masu zuwa awo suna iya sa lamarin ya yi kyau fiye da gaskiya, waɗanda aka garzayo da su daga ƙauye bayan naƙuda ta yi tsanani suna iya sa ya yi muni fiye da gaskiya. Binciken ɗalibin bai lalace ba idan ya tsaya inda samfurinsa ya tsaya, ya ce matan da suka haihu a wannan asibiti a wannan shekara. Ɓarnar tana shigowa ne a lokacin da aka sauya sunan jama'ar a jimlar ƙarshe, kuma abin damuwar shi ne da irin jimlolin nan ake tsara inda za a kai magani da ma'aikata.

Shi wancan binciken na 2018 ya nuna yadda ake kauce wa tarkon. An ɗauki ƙananan yankunan ƙirga da aka shata don ƙidayar 2006, aka fitar da 1,400 ta hanyar ƙuri'a daga birane da ƙauyukan kowace jiha. Ma'aikata suka je kowane yanki suka rubuta gidajen da ke cikinsa sabo fil, sannan aka sake fitar da gida 30 a kowanne, jimla gida 42,000. Ma'aikaciya ba ta da ikon musanya gidan da aka ba ta da na maƙwabci don ta tarar ba kowa, sai dai ta sake komowa. Ta haka aka zanta da mata sama da dubu 41 masu shekara 15 zuwa 49, kuma waɗanda ba a samu ba 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Duk da wannan tsari, akwai inda ƙafa ba ta kai ba. A jihar Borno an cire ƙananan hukumomi 11 cikin 27 saboda rashin tsaro, kuma masu binciken sun bayyana hakan a rahotonsu. Don haka duk alƙaluman Borno da ke ciki, na rigakafi ne ko na haihuwa a asibiti, halin wuraren da aka iya shiga suke nunawa. Wuraren da aka bari kuwa su ne inda rikici ya fi rushe asibitoci ya kori ma'aikatan lafiya, saboda haka akwai dalili mai ƙarfi na zaton cewa halin jihar baki ɗaya ya fi abin da ke rubuce tsanani.