Ƙafa zuwa mita: lamba nawa ya kamata a bari?

An ja tef a gefen wani fuloti, faɗinsa ya kama ƙafa 48 da rabi, wato 48.5. Mai zanen gini kuwa da mita yake aiki. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, sai aka ninka a waya, ta nuna 14.7828. Da yawa haka za su kwafe amsar dungurungum, suna ganin yawan lambobi shi ne ƙwarewa.

Amma a dubi 8 ɗin nan ta ƙarshe. Tana magana ne a kan kashi goma na milimita, abin da bai wuce kaurin takarda ba. Wa ya auna wannan? Tef ɗin ya ɗan lanƙwasa a tsakiya, mai riƙe bakinsa kuma ya ɗora shi a kan dutsen iyaka mai faɗin tafin hannu. Ana iya samun kuskuren inci biyu ko uku. Sauya ƙafa zuwa mita ba ya goge wannan kuskure, tare da shi ake ƙetarawa.

Ga ƙa'idar: a ƙirga lambobin da awon farko ya zo da su, amsa ta tsaya a daidai wannan adadi. 48.5 lambobi uku ne, don haka uku za a bari. A yanke 14.7828 bayan 7, a leƙa ta gaba. In ta kai 5 ko ta wuce, a ƙara ɗaya. In ba ta kai ba, a bar ta yadda take. A nan 8 ce, amsa ta zama mita 14.8. Ita 0.3048 ba ta shiga wannan ƙirga, domin ba auna ta aka yi ba. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1959 ce ta tsayar da ita cif. Haka ma sifilin da ke gaban lamba ba ya shiga: kilomita 0.0148 har yanzu lambobi uku ne.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin yankewa, don a nan kuɗi ke salwanta. A ce tsawon fulotin ƙafa 97.5 ne, wato mita 29.718. Dillali ya ce ai sha biyar ne da talatin, ya ninka, ya sami murabba'in mita 450. Wanda ya yi haƙuri ya ninka 14.7828 da 29.718 zai sami 439.3 da 'yan kai, sannan ya yanke sau ɗaya a ƙarshe: 439. Ko da 14.8 da 29.7 aka ninka, 440 za ta fito, lambar ƙarshe ta riga ta gusa. Tsakanin 450 da 439 kuwa akwai murabba'in mita 11, kusan girman ɗaki guda, wanda mai saye zai biya kuɗinsa alhali babu shi a ƙasa.